RABA IKO GIDA UKU: ABIN DA SHARI'AR LAKANMI KE KOYA WA ƊALIBAN SHEKARAR FARKO

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a domin koyon aikin lauya ko ilmin siyasa, kafin ya ƙare zangonsa na farko sai an rubuta masa wannan magana a allo: majalisa ke yin doka, gwamnati ke zartar da ita, kotu kuwa ita ke yin shari'a da ita. Magana ce mai daɗin hadda, har waɗansu kan ɗauka da zarar sun haddace ta sun gama da darasin. Amma idan aka miƙa wa ɗalibin wata takardar doka, aka ce ya duba ya faɗi ko wanda ya yi ta ya tsaya a gonarsa ko kuwa ya shiga ta wani, a nan ne ido kan raina fata. Hanyar da ta fi sauƙi ta gane iyaka ita ce a je wurin da aka taɓa ƙetare ta a ga yadda abin ya faru. A tarihin shari'ar Nijeriya babu wurin da ya fi dacewa da wannan kamar ƙarar da wani mutum mai suna E. O. Lakanmi da 'yarsa Kikelomo Ola suka kai Gwamnatin Jihar Yamma, wadda Kotun Ƙoli ta yanke wa hukunci ranar Juma'a 24 ga watan Afrilu, 1970.

Tun da farko ya kamata a san cewa shi wannan ra'ayi na raba iko ba a ƙago shi domin a sauƙaƙa wa hukuma aiki ba. Hasali ma jinkirta mata aiki yake yi, kuma da gangan. Bafaranshen nan Montesquieu, wanda aka fi danganta ra'ayin da shi tun da littafinsa ya fito a 1748, abin da ya dame shi shi ne halin da talaka zai shiga idan mutum guda, ko ƙungiya guda, ita ce mai shimfiɗa doka, ita ce mai kamawa, ita ce kuma mai yanke hukunci. Wanda ya tara waɗannan abubuwa uku a hannunsa ba ya bukatar ya karya doka kafin ya cuci wani. Sai kawai ya rubuta dokar da ta dace da bukatarsa, ya aika a kama, ya zauna ya ce an yi daidai. Wanda aka cuta ba shi da ƙofar da zai buga, domin duk wadda ya buga fuska ɗaya ce za ta leƙo.

YADDA ƘARAR TA TASO

Bayan da sojoji suka karɓi mulki cikin watan Janairu na 1966, an dakatar da Majalisar Tarayya da majalisun jihohi. Ikon yin doka da na zartarwa duka suka koma hannu guda, watau Gwamnatin Mulkin Soja ta Tarayya, da kuma gwamnonin soja a jihohinsu. Kotuna kaɗai aka bari a tsaye, da alƙalansu da sauran sassan Tsarin Mulkin 1963 waɗanda ba a dakatar ba. Ke nan gida uku sun koma biyu.

A 1967 Gwamnatin Jihar Yamma ta fitar da wata doka mai lamba 5, wadda ta ba da ikon bin ba'asin dukiyar ma'aikatan gwamnati da waɗansu mutane. Aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Somolu. Cikin watan Agusta na wannan shekara kwamitin ya ba da umurni game da Lakanmi da 'yarsa: kada su sayar ko su ba da komai daga cikin gidaje da filayensu, kada su taɓa kuɗin ajiyarsu na banki ba da izini ba, kuɗin hayar gidajen kuma a riƙa zuba shi a baitulmalin gwamnati.

Suka garzaya Babbar Kotun Jihar suna neman a soke umurnin. Hujjarsu ita ce tun a 1966 Gwamnatin Tarayya ta riga ta yi tata dokar mai lamba 51 a kan binciken dukiyar ma'aikata, don haka jiha ba ta da hurumin yin wata da za ta saɓa mata. Babbar Kotu ta yi watsi da ƙarar cikin watan Disamba na 1967, su kuma suka ɗaukaka ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Jihar Yamma. Har zuwa nan babu wani abin mamaki. An yi wa mutum abin da bai yarda da shi ba, ya je kotu bai sami nasara ba, ya nufi ta gaba.

Ƙarar na gaban kotu, ba a kai ga yanke ta ba, sai Gwamnatin Tarayya ta fitar da dokokin soja uku a jere cikin 1968, masu lamba 37 da 43 da 45. Ta ƙarshen ita ce ta jawo magana. Dokar ta ce duk umurnin da irin waɗannan kwamitoci suka bayar na riƙe ko ƙwace dukiya ya halatta, tun daga ranar da aka ba da shi. Ta ce babu kotun da ke da ikon bincika ko an yi daidai, ko da kuwa mai ƙara ya ce an taka masa haƙƙin da Tsarin Mulki ya ba shi. Ta ce duk wata ƙara da ke gaban kotu a kan batun ta mutu daga ranar. Sa'an nan aka liƙa mata jadawali ɗauke da sunayen mutanen da abin ya shafa, cikinsu har da masu wannan ƙara. Da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta dokar sai ta ce an ɗaure mata hannu, ta sallami masu ƙara.

A nan ya kamata ɗalibi ya dakata ya dubi abin da ya faru da idon basira. Gwamnati ce ake ƙara. Ita ce kuma ta tashi tsakiyar shari'a, ta tuɓe rigar wanda ake ƙara, ta sa ta mai yin doka, ta rubuta cewa ita ce ta yi nasara, kana ta rufe ƙofar kotun. Ba a kira shaidu ba, ba a ji ta bakin kowa ba.

ABIN DA KOTUN ƘOLI TA CE

Lauyan da ya tsaya wa masu ƙara a Kotun Ƙoli shi ne Cif Rotimi Williams, Babban Jojin Nijeriya Sir Adetokunbo Ademola kuwa shi ya shugabanci zaman. Muhawarar ta rabu biyu, kuma wajibi ne ɗalibi ya rarrabe su, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce: mene ne ainihin abin da ya faru cikin Janairun 1966? Atoni-Janar na Jihar Yamma ya ce juyin mulki ne wanda ya rushe tsohon tsari baki ɗaya, saboda haka dokar soja ita ce gaba da komai, ba kuwa wanda zai auna ta da Tsarin Mulkin da ya riga ya faɗi. Cif Williams ya ce a'a, ragowar ministoci ne suka miƙa wa Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi mulki na riƙon ƙwarya saboda larura, don haka sojoji ba su da ikon kauce wa Tsarin Mulkin 1963 sai gwargwadon abin da larurar ta tilasta. Kotu ta karɓi wannan magana ta biyu. Gaskiya ita ce wannan ɓangare na hukuncin shi ne mai rauni, masana da yawa kuma sun soke shi. Babu inda Tsarin Mulkin 1963 ya ba ministoci ikon miƙa mulki ga soja, balle kuma a zo ga abin da ya faru ranar 29 ga Yuli, 1966, wanda babu mai iya kiransa miƙa mulki cikin ruwan sanyi.

Ta biyun ita ce wadda ba ta tsufa ba har yau. Kotu ta ce tun da Tsarin Mulki ya damƙa ikon shari'a a hannun kotuna, to mai yin doka ba shi da hurumin yanke wa wani mutum hukunci da sunan doka. Doka mai lamba 45, in ji kotun, sunanta kawai doka, amma aikin da ta yi na alƙali ne. Ba a yi ta domin jama'a duka ba, an yi ta ne domin waɗansu mutane ƙididdigaggu waɗanda aka ambaci sunayensu, aka tabbatar da ƙwace musu dukiya, aka kuma kashe ƙarar da suka riga suka shigar. Kotu ta ce ba ta ga larurar da ta tilasta yin haka ba, don haka dokar ta wuce gona da iri, ba ta da wani tasiri. Cikin misalan da alƙalan suka dogara da su har da wata shari'a daga ƙasar Silon, wadda yanzu ake kira Siri Lanka, inda majalisar ƙasar ta yi wata doka ta musamman domin hukunta waɗanda aka zarga da yunƙurin juyin mulki a 1962, daga baya babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasashen renon Ingila da ke London ta soke ta saboda irin wannan dalili.

Daga wannan hukunci ɗalibi zai iya fitar da ma'aunin da zai yi masa amfani har ƙarshen karatunsa. Doka ta gaskiya tana magana ne da kowa, ba ta san wanda zai faɗa hannunta ba. Cewa take yi duk wanda ya aikata kaza daga yau, ga abin da zai same shi. Fuskarta na kallon gaba. Hukuncin kotu kuwa baya yake waiwaya, yana magana a kan wane da wane, a kan abin da ya riga ya wakana, bayan an ji ta bakin kowa. To, idan aka ga takarda mai suna doka tana kiran sunayen mutane, tana yanke magana a kan abin da ya wuce, tana ɗora musu hasara ba a saurare su ba, tana kuma hana su zuwa kotu, lalle mai yin doka ya hau kujerar alƙali.

Sai dai a yi hattara, kada ɗalibi ya riƙi alama guda ya ce ya gama. Ba kowace dokar da ta ambaci suna ce ta zama hukunci ba, ai dokar da ke kafa jami'a ko wata hukuma dole ta kira sunanta. Haka nan ba kowace dokar da ta waiwayi baya ce haramtacciya ba. Abin dubawa shi ne ko majalisa ta yanke wata rigima ce tsakanin waɗansu mutane sanannu, wadda a bisa ƙa'ida alƙali ne ya kamata ya yanke ta.

KWANA GOMA SHA BIYAR

Murnar masu ƙara ba ta je ko'ina ba. Ranar 9 ga watan Mayu, 1970, watau kwana 15 bayan hukuncin, gwamnatin Manjo-Janar Yakubu Gowon ta fitar da dokar soja mai lamba 28. Dokar ta bayyana cewa abin da ya faru ranar 15 ga Janairu, 1966, da wanda ya biyo baya ranar 29 ga Yuli, juyin mulki ne da ya shafe tsohon tsari, sai abin da sojoji suka ga damar bari. Ta ƙara da cewa duk hukuncin kotun da ya ce wata dokar soja ba ta halatta ba, ko an yi shi kafin ranar ko bayanta, hukuncin banza ne. Da wannan aka binne nasarar Lakanmi. Gwamnatocin soja na baya ma sun bi wannan sawu, an sake yin irin dokar a 1984 da kuma 1994.

Abin lura a nan shi ne alƙalan ba su kasa yin aikinsu ba, sun yi shi a lokacin da yaƙin basasa bai cika wata huɗu da ƙarewa ba, gwamnati kuma na kan ganiyar ƙarfinta. Abin da ya kayar da su shi ne gidajen biyu ne kawai. Da akwai majalisa mai zaman kanta, da sai gwamnati ta je gabanta ta nemi a yi mata dokar da za ta soke hukuncin Kotun Ƙoli, a yi muhawara a bainar jama'a, 'yan hamayya su tofa albarkacin bakinsu, jaridu su buga, a ƙirga ƙuri'a. Mai yiwuwa ta samu, mai yiwuwa kuma ta rasa. Amma da yake mai zartarwa shi ne mai yin doka, sa hannu guda ya wadatar.

ABIN DA AKA GINA DAGA BAYA

Cikin watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin tsara sabon Tsarin Mulki, wanda aka ba shugabancinsa kuwa shi ne Cif Rotimi Williams ɗin nan, lauyan Lakanmi. Aikin kwamitin shi ne tushen Tsarin Mulkin 1979, wanda na 1999 da ake aiki da shi yanzu ya kwaikwaya kusan sashe da sashe. Sashe na 4 ya ba Majalisar Tarayya da majalisun jihohi ikon yin doka. Sashe na 5 ya ba Shugaban Ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa. Sashe na 6 ya ba kotuna ikon shari'a. Ɗalibin da ya san labarin da ya gabata, idan ya kai ƙaramin sashe na 8 na sashe na 4, zai ji kamar ya taɓa gamuwa da shi. A nan aka ce yin doka na ƙarƙashin dubawar kotuna, kuma in ba inda shi Tsarin Mulkin ya keɓe ba, majalisa ba za ta yi dokar da ta hana kotu sauraron ƙara ba. Ƙaramin sashe na 9 kuma ya hana a yi dokar da za ta mai da abin da aka riga aka aikata ya zama laifin da za a hukunta mutum a kansa. A taƙaice, irin doka mai lamba 45 ce aka toshe wa hanya.

An kuma raba mutanen, ba ayyukan kaɗai ba. A Jumhuriya ta Farko, wadda ta bi tsarin Ingila, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan Majalisar Wakilai ne, ministocinsa ma a majalisa suke zama. A yau kuwa sashe na 147 ya ce ɗan majalisar da aka naɗa minista, da zarar ya yi rantsuwar kama aiki kujerarsa ta majalisa ta faɗi. Ba ya yiwuwa mutum ya kwana a gida biyu.

Amma kuskuren da ɗaliban shekarar farko suka fi yi a jarrabawa shi ne su rubuta cewa ɓangarorin uku ba ruwan wani da wani. Ba haka ba ne. Da an gina katanga marar ƙofa tsakaninsu, da kowa ya zama sarki a gidansa, ba mai ce masa don me. Abin da aka yi shi ne aka ba kowanne ɗan abin riƙe ɗan'uwansa. Majalisa ce ke yin doka, amma shirin doka ba ya zama doka sai an kai wa Shugaban Ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, magana ba ta ƙare ba, domin Majalisar Dattawa da ta Wakilai na iya sake zartar da shirin, kowacce da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba da hannunsa ba. An yi haka a 2000 wajen dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Shugaban Ƙasa ne ke kashe kuɗin gwamnati, amma sashe na 80 ya hana a fitar da ko kwabo daga babban asusu sai da dokar kasafi. Shi ke naɗa alƙalan Kotun Ƙoli, amma sai Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta ba shi suna, Majalisar Dattawa kuma ta amince. Ita kotu ba ta da ikon tashi haka kawai ta je ta soke doka. Dole ta jira sai wani mai hakki ya kawo ƙara.

SHARI'AR JIHAR BENDEL

Ba a daɗe da kafa wannan tsari ba aka gwada shi. A 1980 Shugaba Alhaji Shehu Shagari ya aika wa Majalisar Tarayya shirin dokar rabon arzikin ƙasa tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Majalisar Dattawa ta zartar da shi da nata alƙaluman, ta Wakilai ma ta zartar da nata daban. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu domin ya daidaita saɓanin. Kwamitin ya yi ƙuri'a ya tsai da magana, amma maimakon a mai da abin da ya tsayar gaban majalisun biyu su amince, sai aka wuce da shi kai tsaye wurin Shugaban Ƙasa, ya sa hannu cikin watan Fabrairu na 1981.

Gwamnatin Jihar Bendel, wadda a yau ta zama jihohin Edo da Delta, ƙarƙashin Gwamna Ambrose Alli, ta kai ƙara Kotun Ƙoli. Lauyoyin Gwamnatin Tarayya suka ce ai Akawun Majalisa ya ba da takardar shaida cewa an zartar da shirin, kotu kuma ba ta da hurumin leƙa cikin gidan majalisa ta ga yadda take gudanar da aikinta. Watau da hujjar raba iko ɗin suka nemi kare kansu. Cikin watan Oktoba na 1981 kotun, a ƙarƙashin Babban Joji Fatai-Williams, ta ƙi karɓar wannan hujja ta soke dokar. Ta ce Tsarin Mulki ya ba majalisun biyu ikon yin doka ne, bai ba wani kwamiti na 'yan mutane kaɗan ba, kuma inda Tsarin Mulki da kansa ya shimfiɗa matakan da za a bi, duba ko an bi su aikin kotu ne.

Ya kamata a lura da abin da kotun ba ta yi ba, domin a nan ne aka ga ta san tata iyakar. Ba ta ce kason da aka ba jihohi ya yi kaɗan ko ya yi yawa ba, ba ta kuma rubuta nata alƙaluman ba. Wannan batu ne na siyasa, na waɗanda jama'a suka zaɓa. Abin da ta ce kawai shi ne a koma a bi ƙa'ida. Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da ya faru a 1970 a fili yake: wannan karon babu wanda ya fitar da doka cikin mako biyu ya soke hukuncin. Gwamnatin Shagari ta koma majalisa, aka sake yin wata dokar ta hanyar da ta dace.

INDA TSARIN KE RAUNI

Duk da haka kada ɗalibi ya ɗauka cewa da an rubuta abu a Tsarin Mulki shi ke nan ya zauna. Kotu ba ta da soja, ba ta da ɗan sanda, ba ta riƙe da baitulmali. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli, amma hannun da zai aiwatar ɗin na gwamnati ne, ko da kuwa ita aka kayar. A 2004 Gwamnatin Tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Jihar Legas saboda jihar ta ƙirƙiro sababbi guda 37. Cikin watan Disamba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, ko da yake ta kuma ce sababbin ƙananan hukumomin ba su kammala ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata aikin. Kowane ɓangare ya riƙi rabin da ya yi masa daɗi. Ba a gama sakin kuɗin ba sai a 2007, bayan Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki. Babu wanda ya soke hukuncin da wata doka, jinkiri kawai ya isa.

Akwai kuma raunin da ba ya bayyana a takarda ko kaɗan. Idan jam'iyya guda ce ke riƙe da gidan gwamnati da majalisa, kuma 'yan majalisar na ganin makomarsu a hannun gwamna take, to ana iya bin kowane mataki daidai, a yi karatu na ɗaya da na biyu da na uku, a sa hannu, alhali kuwa mutum guda ne ya yanke magana tun farko. Kotu ba ta da maganin wannan, domin ba a karya kowane sashe ba. Alamarsa ita ce a ga kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka ya shiga majalisa ya fita ba wanda ya yi tambaya.

Shi kansa Lakanmi, ko da a ce ya koma kotu bayan dawowar mulkin farar hula, da bai sami biyan bukata ba. Sojojin da suka miƙa mulki a 1979, da waɗanda suka miƙa a 1999, sun bar wani ɗan sakin layi a cikin sashe na 6, watau sashen nan da ya ba kotuna ikonsu. A ƙaramin sashe na 6, sakin layi na huɗu, an ce ikon kotu bai kai ga sauraron ƙarar da ke neman a bincika ko wata hukuma ko wani mutum na da ikon yin wata dokar da aka gada ba, muddin an yi ta ne daga ranar 15 ga Janairu, 1966 zuwa ranar da Tsarin Mulkin ya fara aiki. Wannan sakin layi na nan a Tsarin Mulkin 1999, shafi kaɗan bayan wanda ya hana majalisa rufe ƙofar kotu.